Hotunan zambon siyasa: yadda ake bambance raha da ƙaryar da aka jingina wa shugabanni

A duk lokacin da wani shugaba ko babban ɗan siyasa ya yi kalamin da ya ja hankali, ba a ɗaukar sa'o'i kafin hotuna masu ɗauke da gajeren rubutu su cika Facebook da X da zaurukan WhatsApp. Matasa na kiran irin waɗannan hotuna da suna mim. Akasari ana ɗauko hoton mutumin ne, a liƙa masa wata magana da ta yi kama da wadda ya faɗa, amma an ƙara mata gishiri domin a ba mutane dariya, a kuma soke shi. Wannan shi ne zambon siyasa a sabon salo.

Matsalar ita ce, hoton da aka yi domin raha da hoton da aka yi domin yaudara sukan yi kama da juna sosai. Dukansu suna ɗauke da fuskar sananne, dukansu kuma suna ɗauke da kalaman da bai furta ba. Abin da ya raba su shi ne abin da ake so mai karatu ya ɗauka. Mai zambo yana so ka gane cewa ƙari ya yi, domin da ganewar ne dariyar ke zuwa. Mai ƙarya kuwa yana so ka yarda cewa haka mutumin ya faɗa, kalma da kalma. Wannan bayani zai bi misali guda da ya faru a Najeriya daki-daki, domin nuna inda iyakar take da yadda ake gano ta.

Alamar da ke cewa wasa ake yi

Bahaushe ya saba da maganar da kowa ya san ba gaskiya ba ce, kuma ba wanda ke kiran mai yin ta maƙaryaci. Idan mai tatsuniya ya buɗe da “ga ta nan, ga ta nanku”, ya riga ya sanar da masu sauraro cewa Gizo zai yi magana, kura za ta je kasuwa. Haka nan idan Bakano ya tsokani Bazazzagi, ko Bafulatani ya tsokani Babarbare, duk wanda ke wurin ya san wasan barkwanci ne da aka gada, don haka ba a kai ƙara. 'Yan kama ma sukan kwaikwayi malamai da masu mulki a bainar jama'a, shigarsu da muryarsu sun isa su shaida wa kowa cewa raha ce.

A duk waɗannan akwai wata alama da ke tafiya tare da maganar, wadda ke gaya wa mai ji yadda zai karɓe ta. Zanen barkwanci na jarida ma haka yake. Wanda ya ga zanen Mustapha Bulama a jaridar Daily Trust ya san zane ne: an zuzuta girman hula ko hanci, ga sa hannun mai zanen a gefe, ga kuma shafin da aka saba ganinsa. Babu mai hankalin da zai ce kalaman da aka sa a bakin mutumin da aka zana rahoton taro ne.

Hoton mim ya fi zane haɗari saboda dalili ɗaya: alamarsa tana saurin faɗuwa. Hoton na gaske ne, ba zane ba. Rubutun kuma ana iya tsara shi ya yi kama da na gidan jarida. Da zarar wani ya ɗauki hoton allon wayarsa, ya yanke sunan shafin barkwancin da ya wallafa shi, ya tura zauren 'yan uwa, abin da ya rage shi ne fuska da magana kawai. Mutum na goma da zai gani bai san daga ina ya fito ba.

Batun matasa cima-zaune na 2018

A ranar 18 ga Afrilun 2018, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci taron kasuwanci na ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Landan. Yayin da yake amsa tambaya, ya ce an ƙiyasta yawan 'yan Najeriya ya kai miliyan 180, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari ba su kai shekara 30 ba. Ya ci gaba da cewa da yawa daga cikinsu ba su je makaranta ba, suna kuma ganin tun da Najeriya ƙasa ce mai arzikin man fetur, sai su zauna ba su yin komai, a ba su gidaje da kula da lafiya da ilimi kyauta.

Cikin kwana ɗaya, maudu'in #LazyNigerianYouths ya mamaye shafukan sada zumunta, a Hausa kuma aka yi ta cewa shugaban ya kira matasa cima-zaune. Kalmar Turancin da ke farkon wannan maudu'i, wadda ke nufin malalaci, ba ta fito daga bakinsa a amsar ba. Mai ba shi shawara kan yaɗa labarai, Femi Adesina, ya fitar da sanarwa yana cewa akwai bambanci tsakanin “da yawa” da “duka”, kuma an juya kalaman ne. Masu suka suka ce wanda aka siffanta da zama ba ya komai yana jiran na banza, ai an kira shi malalaci ko da ba a furta kalmar ba.

Daga wannan magana guda, abubuwa iri huɗu za su iya fitowa, kuma kowanne hukuncinsa daban.

Na farko shi ne ainihin kalaman, kamar yadda suke a bidiyon taron. Wannan shi ne ma'auni, duk sauran da shi ake gwada su.

Na biyu shi ne taƙaitawa ko fassara. Wanda ya rubuta cewa kalaman shugaban na nufin matasa cima-zaune ne, ya bayyana fahimtarsa. Ana iya yarda da shi, ana iya musa masa, amma bai ƙirƙiri magana ba muddin bai ce lafazin shugaban ke nan ba. Masu karanta labarai da Hausa suna bukatar lura da wannan sosai, domin yawancin kalaman manyan jami'ai da Turanci ake yin su. Abin da ya iso gare mu ya riga ya bi ta hannun mai fassara, kuma kalma kamar cima-zaune zaɓin mai fassara ce.

Na uku shi ne zambo. A wancan mako matasa da dama sun wallafa hotunansu suna bakin aiki, wasu a gona, wasu a shago, wasu a wurin gini, suka rubuta maudu'in a ƙasa. Matashin da ya sa hotonsa yana zufa da buhu a ka ya rubuta cewa ga malalaci nan, shaguɓe ya yi. Hoton da kansa yana ƙaryata rubutun, kuma daga nan dariyar take. Babu wanda aka yaudara.

Na huɗu shi ne ƙarya. A ce wani ya ɗauko hoton shugaban, ya sa tambarin wata kafar labarai a kusurwa, ya buɗe alamar zance ya rubuta cewa duk matasan Najeriya malalata ne, ya rufe, ya sa sunan shugaban da kwanan wata. Wannan hoto ya yi abubuwa biyu da bidiyon bai goyi baya ba: ya mayar da “da yawa” zuwa “duka”, ya kuma sa kalma a bakin wanda bai furta ta ba. Tambarin da alamar zancen suna gaya wa mai karatu cewa rahoto ne. Ko da mai haɗa shi ya ce daga baya wasa yake yi, abin da ya saki cikin jama'a da'awa ce ta ƙarya.

Abin lura shi ne, na uku ya fi na huɗu zafin suka, amma na huɗu ne ya yi ƙarya. Don haka zafin magana ba ya nuna wane ne wane.

Tambayoyi uku kafin a fara bincike

Tambaya ta farko: shin abin zai ci gaba da yin aikinsa idan na san ba a faɗi maganar ba? Zambo ba ya rasa komai idan an san ƙari ne. Hoton matashin nan mai buhu yana nan da armashinsa ko bayan ka kalli bidiyon Landan. Amma hoton nan mai tambarin jarida, da zarar ka san lafazin ba na shugaban ba ne, ya mutu, domin duk ƙarfinsa yana kan ka yarda. Wannan ita ce mafi amfani a cikin ukun.

Tambaya ta biyu: wace riga aka sa wa maganar? Mai zambo yakan bar alamu da gangan, kamar fuskar da aka karkata, ko hoton fim da kowa ya sani, ko sunan shafin da ke nuna na raha ne. Mai yaudara kuwa yakan ari kayan aikin jarida: tambari, da jan layin “labari da ɗumi-ɗumi”, da alamar zance, da kwanan wata, wani lokaci har da takarda mai kan ofishi da sa hannu. Idan ka ga an yi wahala wajen sa abu ya yi kama da na hukuma, to ana so ne a gaskata shi.

Tambaya ta uku: yaya girman ƙarin gishirin? A nan mutane da yawa ke yin kuskure, suna zaton babbar zuzutawa ta fi illa. Akasin haka ne. Idan aka nuna minista yana cewa zai shimfiɗa titi zuwa duniyar wata, kowa zai gane. Idan kuwa aka canja kalma ɗaya tak, kamar mayar da “wasu” zuwa “duka”, ko cire “ba” daga jimla, ko sauya “za mu duba” zuwa “mun amince”, maganar takan zauna daram kamar gaskiya. Ƙaramin ƙari shi ne wanda ya fi bukatar a bincika.

Inda waɗannan tambayoyi ke gazawa

Akwai iyaka ga abin da ido kaɗai zai iya ganewa, kuma misalai uku na gaske sun nuna haka.

Wani lokaci maganar da ta yi kama da ƙirƙira, gaskiya ce. A watan Oktoban 2016, a Berlin, yana tsaye kusa da Shugabar Gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, an tambayi Shugaba Buhari game da sukar da uwargidansa Aisha ta yi a hirarta da sashen Hausa na BBC. Ya amsa da cewa bai san jam'iyyar da matarsa take ba, amma ita ta kicin ɗinsa ce da falonsa da ɗaya ɗakin. Wanda ya fara ganin wannan a hoton mim zai iya rantsuwa cewa matasa ne suka ƙaga, alhali yana nan a bidiyo. Kakakinsa Garba Shehu ya ce raha shugaban ya yi, amma ba a musa cewa ya faɗa ba. Saboda haka “ba zai taɓa faɗin haka ba” ba hujja ba ce.

Wani lokaci kuma raha takan kuɓuce wa masu ita har ta yaudari ƙwararru. Shekaru da dama an yi ta yaɗa hotunan tsohon shugaban Zimbabwe, Robert Mugabe, da maganganun ban dariya kan aure da kuɗi da 'yan mata, waɗanda bai taɓa faɗa ba. Mafi yawan masu turawa sun san wasa ne. Amma a 2015 jaridar New York Times ta buga wata magana da aka jingina masa yana siffanta 'yan Kenya da sata, daga baya ta gano cewa ƙagaggiya ce da ta samo asali daga wani shafin intanet, ta wallafa gyara. Idan babbar jarida mai editoci za ta faɗa wannan rami, mai karatu a waya ya fi kusa da shi.

Wani lokacin ma ƙarya ce ke fakewa a bayan raha. Bayan doguwar jinyar Shugaba Buhari a Landan a 2017, an yaɗa cewa ya rasu an maye gurbinsa da wani mai suna Jubril daga Sudan. Da yawa sun riƙa yin hotunan ban dariya da batun, amma tushensa da'awa ce da masu yaɗa ta suka gabatar a matsayin gaskiya, suna kwatanta kunnuwa da hannaye a hotuna. Zancen ya yi ƙarfin da sai da shugaban ya fito a Poland a watan Disambar 2018 ya ce shi ne da kansa. Dariyar da aka lulluɓe batun da ita ba ta mayar da shi zambo ba, ita ce ma ta taimaka masa ya yi nisa.

Yadda ake komawa ga tushe

Tun da ido na iya kuskure, hukunci na ƙarshe yana wurin asalin maganar. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Matakan ba su da yawa, kuma wayar hannu ta isa.

Da farko a nemi wuri da lokaci. Maganar gaskiya tana da inda aka yi ta: taro, ko hira, ko zauren majalisa, ko shafin mutumin. Hoton da bai faɗi ko ɗaya ba ya riga ya rage wa kansa daraja. Idan ya faɗa, sai a rubuta sunan mutumin da sunan taron da shekarar a manhajar bincike, da harshen da aka yi maganar. A batun Landan, ana iya rubuta:

```
Buhari Commonwealth Business Forum April 2018 full video
```

Sannan a saurari maganar tun daga tambayar da aka yi har ƙarshen amsar. Guntun bidiyo na daƙiƙa goma sha biyar yana iya zama na gaske amma an yanke sharaɗin da ya zo kafinsa. A kasa kunne ga ƙananan kalmomi masu iyakance magana, irin su “wasu”, “da yawa”, “idan” da “sai dai”, domin su ne aka fi zubarwa a hanya.

Idan hoton na ɗauke da tambarin wata kafar labarai, a je shafin kafar kai tsaye a duba abin da ta wallafa a ranar. Babban kalami daga shugaban ƙasa ko gwamna ba ya tsayawa a kafa ɗaya. Idan babu wata jarida ko gidan rediyo da ya ɗauka, akwai dalilin shakka. A kuma kwatanta hoton da sauran na kafar: launi, da irin rubutu, da wurin da take sa tambari. Na jabu yakan bambanta a ɗaya daga cikinsu.

Shi kansa hoton ana iya bin sawunsa da Google Lens ko TinEye. Ana loda shi, sai su nuna wuraren da ya taɓa fitowa. Sau da yawa za a tarar hoton na wani taro ne daban na shekarun baya, ko kuma a ga cikakkensa da sunan shafin barkwancin da aka yanke. A WhatsApp kuma, saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu da rubutun Forwarded many times ya bi ta jerin turawa aƙalla biyar kafin ya iso. Wannan ba ya nufin ƙarya ne, yana nufin wanda ya turo maka bai san mai shi ba.

A ƙarshe, akwai cibiyoyin tantance labarai da ke aiki a Najeriya, irin su Dubawa da FactCheckHub da Africa Check, kuma sukan bibiyi kalaman da suka yi tashe. Rubuta sunan mutumin da guntun maganar tare da sunan ɗaya daga cikinsu yakan kai ga amsa cikin minti kaɗan.

Abin da doka ta ce

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma sukar masu mulki ta hanyar raha tana cikin wannan 'yanci. Sai dai 'yancin bai shafe dokokin ɓata suna ba. Wanda aka jingina wa maganar da bai yi ba, kuma ta zubar masa da mutunci, yana iya zuwa kotu.

Akwai kuma sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka daɗe ana kukan cewa ana amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu suka. An yi masa gyara a 2024, aka taƙaita shi. Cikin abin da ya rage akwai tura saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin haddasa rushewar doka da oda ko barazana ga rai, kuma hukuncin na iya kaiwa tarar naira miliyan 7, ko ɗaurin shekara uku, ko duka biyun. Magana ta ƙarya da aka sa a bakin shugaban wata ƙabila ko addini a lokacin zaman ɗar-ɗar ita ce irin abin da ke iya faɗawa nan, kuma illarta kan riga gyara isa ga jama'a.

Ga mai haɗawa da mai turawa

Mai haɗa hoton zambo zai kare kansa da masu karatunsa idan ya sa alamar raha a cikin hoton kansa, a wurin da ba za a iya yanke ta ba tare da lalata hoton ba. Rubuta “wasa ne” a saman saƙo bai wadatar ba, domin shi ne farkon abin da ke ɓacewa idan aka ɗauki hoton allo. Ya kuma guji aron tambarin kafar labarai ko na hukuma, ya guji sa alamar zance a kan kalmomin da shi ya tsara.

Mai turawa kuma ya dubi zauren da zai tura. Abin da abokan makaranta za su gane nan take a matsayin shaguɓe, dattijon da ba ya bin muhawarar X yana iya karɓarsa a matsayin labari, ya kai shi majalisa da masallaci. Idan ba a tabbatar kowa zai gane ba, jimla ɗaya ta isa a haɗa da hoton: “Wannan raha ce, ba haka ya faɗa ba.” Idan kuma an riga an tura kafin a gano cewa maganar ƙagaggiya ce, gyaran ya kamata ya koma zauren da aka tura ta, tare da bidiyon asali ko adireshin shafin da ya tantance ta.